Kallo dubu ba farashi ɗaya gare shi ba: lissafin da ya kamata matasan Gaya da Ajingi su yi kafin buɗe tasha

Daga garin Gaya har ƙauyukan Ajingi, waya mai kyamara ta zama jari a hannun matasa. Wani yana ɗaukar hawan Sallah, wani wasan barkwanci, wani kuma aikin gona tun daga shuka har casa. Abin da ke jan da yawansu shi ne labarin cewa YouTube na biyan dala kaza a kan kowane kallo dubu. Sai saurayi ya sayar da akuya ko ya ci bashi ya sayi waya, ya shafe watanni yana zuba kuɗi a data, ranar da kuɗin talla ya fara shigowa ya tarar bai kai ko kusa da abin da ya lissafa ba. Daga nan sai zargi ya biyo baya, a ce kamfanin yana danne haƙƙin Bahaushe.

Gaskiyar magana ita ce kallo dubu ba shi da tsayayyen farashi. Duk wanda ya ce akwai, ko dai bai san harkar ba, ko kuma yana da kwas ɗin da yake son sayarwa.

Kuɗin ba daga aljihun YouTube yake fitowa ba, daga masu talla yake fitowa. Duk lokacin da mutum ya danna bidiyo, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin kamfanonin da ke son wannan mutumin ya ga hajarsu. Kamar kasuwar shanu ta Wudil ne ranar Juma'a: idan masu saye sun yi yawa farashi ya hau, idan sun yi ƙaranci ya faɗi. Abin da ake tayawa a wannan gwanjo shi ne idon mai kallo, ba wahalar da mai bidiyo ya sha ba.

Akwai alƙaluma biyu da mai tasha zai gani a YouTube Studio, a sashen Analytics, ƙarƙashin Revenue. Na farko shi ne CPM, wato abin da masu talla ke biya a kan nuna talla sau dubu, kafin kamfanin ya cire kasonsa. Na biyu shi ne RPM, wato abin da ya rage wa mai tasha a kan kowane kallo dubu, har da kallon da ba a nuna talla a cikinsa ba. A dogon bidiyo mai tasha na karɓar kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, kamfanin ya riƙe 45. Masu kurin samun kuɗi galibi CPM suke nunawa domin ya fi girma, alhali RPM ne ke shiga asusu.

```
RPM = (kuɗin da aka samu ÷ yawan kallo) × 1000
```

Abin da ya fi komai motsa wannan adadi shi ne ƙasar da mai kallo yake zaune. Kamfanin inshora a Amurka ko Birtaniya zai iya biyan kuɗi mai tsoka don a nuna wa mutum ɗaya tallarsa, saboda idan mutumin ya zama abokin ciniki zai riƙa biya shekara da shekaru. A Najeriya masu shiga gwanjon ba su kai haka yawa ba, da naira suke tsara kasafinsu, kuma ribar da suke sa ran samu daga mai saye ɗaya kaɗan ce. Wani lokaci ma babu mai tayawa, sai bidiyon ya buɗe ba talla, mai tasha ya samu kallo amma bai samu ko kwabo ba.

Ga misali na lissafi kawai, ba alƙaluman wata tasha ba. A ɗauka wani matashi a Ajingi ya ɗora bidiyo kan yadda ake adana gyaɗa, aka kalla sau 100,000, duk a Najeriya da Nijar. A ce an nuna talla a kallo 40,000 daga ciki, masu talla kuma sun biya dala ɗaya da rabi kan kowane dubu na irin wannan kallo. Kuɗin ya zama dala 60. Kasonsa na 55 cikin 100 dala 33 ne, RPM ɗinsa ya tsaya a santi 33. Tunda Google ba ya tura kuɗi sai ya taru ya kai dala 100, yana buƙatar kallo sama da 300,000 kafin ya ga biya na farko.

Yanzu a sauya abu ɗaya. A ce kallo 10,000 daga cikin 100,000 ɗin ya fito ne daga ƙasashen da talla ke tsada, inda Hausawa ke zaune don aiki ko karatu. Ragowar 90,000 na gida, a kan wancan lissafi, sun kawo dala 54. Daga na waje kuma a ce an nuna talla a kallo 6,000 a kan dala 10 kowane dubu, wato dala 60. Jimilla dala 114, kason mai tasha kusan dala 63. Kashi ɗaya cikin goma na masu kallo ya kawo abin da ya zarce na sauran tara, RPM ya kusa ninkawa, alhali bidiyon bai canza ba.

Wannan ne ya sa wasu ke faɗawa tarkon masu sayar da dabaru. Kunna VPN lokacin ɗora bidiyo ba ya ƙara komai, domin wurin mai kallo ake dubawa, ba wurin mai ɗorawa ba. Sayen kallo na bogi kuwa ya fi muni, domin kamfanin na iya cire kuɗin da ya shigo ta wannan hanya, yana kuma iya dakatar da biyan tashar gaba ɗaya. Sannan ko kallon Amurka na gaskiya yana zuwa da haraji. Tun 2021 Google ke cire harajin Amurka daga kuɗin da masu kallo na can suka kawo, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, kashi 30 cikin 100 ake cirewa daga wannan ɓangaren. Wanda bai cike bayanan harajinsa a AdSense ba, ana iya cire masa har kashi 24 cikin 100 na dukkan abin da ya samu daga ko'ina.

Abu na biyu shi ne batun da bidiyo ya ƙunsa. Mai kallon yadda ake haɗa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, ko yadda ake zaɓen taki, mutum ne da ake kyautata zaton yana shirin sayen wani abu, don haka masu talla sun fi zawarcinsa. Mai kallon barkwanci dariya ya zo yi, babu wanda ya san abin da zai saya. Shi ya sa tashar barkwanci kan fi yawan kallo, amma kuɗinta a kan dubu ya gaza na tashar koyar da sana'a. Hotunan haɗarin mota, gawa, zage-zage ko rikici kuwa sukan jawo alamar dala mai ruwan ɗorawa a gefen bidiyo, ma'ana an taƙaita talla ko an hana. Bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne shi ma kuɗinsa kan ragu, domin tun Janairun 2020 ba a nuna tallar da ke bin bayanan mai kallo a kansa.

Na uku shi ne lokaci. Manomi a Gaya ya san buhun gero ba farashi ɗaya gare shi da kaka da kuma tsakiyar damina ba. Haka talla take. Daga Oktoba zuwa Disamba kamfanoni na rububin masu saye saboda rangwamen ƙarshen Nuwamba da bikin Kirsimeti, farashi ya hau. Da shigowar Janairu cinikin biki ya wuce, sabon kasafi bai kankama ba, sai ya sauka. A ƙasashen Musulmi azumi da Sallah ma lokaci ne da masu kayan abinci da kamfanonin sadarwa ke ƙara talla. Wanda ya ga kuɗinsa ya faɗi a Janairu, ya fara duba ko yawan kallo da ƙasashen masu kallo sun canza. Idan suna nan yadda suke amma CPM ya sauka, kasuwa ce ta yi sanyi, ba tashar ce ta samu matsala ba. Adalcin kwatanci shi ne Janairun bana da Janairun bara, ba Janairu da Disamba ba.

Na huɗu shi ne tsawon bidiyo. Tun 2020, bidiyon da ya kai minti takwas ana iya sa masa talla a tsakiya, ƙari a kan ta farko da ta ƙarshe. Amma talla a minti na shida ba ta da amfani idan mutane na ficewa a minti na uku, kuma mai kallon da ke lissafin datarsa ba ya jiran surutu. Jadawalin Audience retention yana nuna daidai inda ake watsewa. Wanda ya ja bayanin minti huɗu ya mai da shi tara don neman talla, sau da yawa ya yi asarar masu kallon ba tare da ya samu tallar ba. Gajerun bidiyo na Shorts kuma tsarinsu daban ne: tun Fabrairun 2023 ana tara kuɗin tallar da ke fitowa tsakaninsu a raba gwargwadon kallo, mai tasha ya karɓi kashi 45 cikin 100 na rabonsa. Kallo dubu a can bai kama ƙafar kallo dubu na dogon bidiyo ba.

Duk wannan sai bayan an cika sharaɗin shiga rabon talla: mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90.

Saboda haka bai kamata matashi ya gina lissafinsa a kan RPM ɗin wani da ke magana da Turanci ga mutanen Landan ba. Ya rubuta abin da yake kashewa a wata, data da cajin waya da kuɗin mota, ya raba da RPM ɗinsa na gaskiya, ya ninka da dubu, zai ga yawan kallon da zai mayar masa da kuɗinsa. Idan adadin ya fi ƙarfinsa, kada ya ci bashi a kai.

Akwai kuma inda ƙarancin farashin ke komawa riba. Masu kallo dubu biyar daga Gaya, Ajingi, Albasu, Wudil da Dutse ba su da tsada a gwanjon Google, amma ga mai shagon taki da maganin feshi ko mai sayar da injin ban ruwa a yankin, su ne ainihin abokan cinikinsa. Yarjejeniya kai tsaye da irin wannan ɗan kasuwa na iya fin kuɗin tallar wata guda, muddin an bayyana wa masu kallo cewa talla ce, aka kuma danna alamar da YouTube ya tanada don haka. Cibiyoyin da ke koya wa matasa harkar intanet a ƙananan hukumomin nan su ma ya dace su fara darasi da wannan lissafi, kafin su kai ga koyar da riƙe kyamara.