Ranar da Auta ya fara shiga banki

Da yawa daga cikin 'yan aji shida za su cika shekara 18 nan ba da jimawa ba, shekarun da banki yake yarda mutum ya buɗe asusu da sunansa shi kaɗai. Don haka yau na zo muku da labarin wani matashi ɗan Tsafe, wanda a gida ake kira Auta.

Auta ya samu gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Kawunsa da ke Bunguɗu ya sayar da waken suya, ya ware masa naira dubu 120, amma ya ce ba zai ba direba kuɗi a hannu ba, sai dai yaron ya buɗe asusu a tura masa. Ranar Litinin da sassafe Auta ya shiga motar Gusau, da takardar NIN da hotunan fasfo biyu a aljihu. Niyyarsa ya gama kafin la'asar, domin kowa ya san ba a son yamma ta riski mutum a wannan hanya.

Tun daga ƙofa aka fara. Ya shiga 'yar ƙofar gilashin nan mai ɗaukar mutum ɗaya, ta ƙi buɗewa ta ciki, wata murya tana ta magana da Turanci. Mai gadi ya yi murmushi ya ce, "Samari, fito ka ajiye makullanka a akwati, ƙarfe ne take ji."

A ciki aka nuna masa teburin masu kula da abokan hulɗa, inda wata ma'aikaciya ta miƙa masa fom. Ya zauna ya cika shi tsaf. A wurin suna ya rubuta Muhammad, ya bi shi da Tsafe, kamar yadda ake kiransa a rajistar aji tun firamare. Ta karɓa, ta shigar da lambar NIN ɗinsa a kwamfuta, sai ta girgiza kai.

"Ƙanena, wannan ai wani mutum ne daban. A nan Mohammed aka rubuta, kuma sunan mahaifinka ne a ƙarshe, babu Tsafe."

"Hajiya, wallahi ni ne."

"Na ga kai ne, ga hotonka. Amma kwamfuta harafi take dubawa."

Ta ba shi sabon fom, ya kwafe sunan harafi bayan harafi daga takardar NIN, haka ma ranar haihuwa. Wannan matsala ta fi kama mu 'yan Arewa, saboda al'adar makarantunmu ta laƙaba wa yaro sunan garinsu, ga kuma sunaye irin su Muhammad da A'isha da kowa yake rubutawa yadda ya ga dama. Auta ya yi sa'a, tunda bai taɓa hulɗa da banki ba, sabon fom kawai ya ci masa. Wanda ya riga ya yi BVN da wani suna, NIN ɗinsa kuma da wani, sai ya nemi gyara, kuma sau da yawa sai da takardar rantsuwa daga kotu.

Da ya zo wurin lambar waya, ya fara rubuta ta yayansa, don ita ya fi haddacewa. Ta dakatar da shi. Ta ce duk saƙon shigar kuɗi da fitarsu kan wannan layi zai riƙa zuwa, haka ma lambobin da banki yake turowa don tabbatar da cewa mai asusu ne yake ciniki. Wanda ya riƙe layin ya riƙe rabin asusun. Sai ya sa nasa, wanda ya yi wa rajista da NIN ɗinsa. Wurin sa hannu kuma ta ce ya zaɓi abin da zai iya maimaitawa ko bayan shekara goma, ya bar zanen burgewa.

Daga nan aka kai shi wurin yin BVN. Lamba ce mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2014. An ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa goma, aka ce lambar za ta zo masa ta saƙon waya. Sau ɗaya mutum yake yin ta a rayuwa, ko da bankuna biyar zai yi hulɗa da su. Wanda ya manta tasa yana iya duba ta daga layin da ya yi rajista da shi, za a cire masa ɗan kuɗi kaɗan:

```
*565*0#
```

Auta ya ɗauka an gama, sai ta tambaye shi takardar shaidar inda yake zaune, kamar ta biyan kuɗin wuta ta 'yan watannin nan. Bai zo da ita ba. Ta ce babu damuwa, za a buɗe masa asusun matakin farko, wanda NIN ta isar masa. Sai dai wannan asusu yana da iyaka: a yawancin bankuna ba ya karɓar fiye da naira dubu 50 a turawa ɗaya, kuma jimillar abin da ke ciki ba ta wuce dubu 300.

Nan gaban Auta ya faɗi, ya gaya mata zancen dubu 120 ɗin kawu. Ta ce ya kyauta da ya faɗa, domin da an turo su a dunƙule, ko su koma wa mai su, ko su maƙale ya kasa taɓa su har sai an ɗaga matsayin asusun. Dalilin wannan iyaka shi ne banki bai gama sanin mutum ba. Idan BVN ta fito, ya kawo ta tare da takardar wutar gidansu, aka tabbatar da adireshin, sai a cire masa wannan takunkumi.

Kafin ya tashi ta ja masa kunne a kan katin cirar kuɗi da zai karɓa. Lambar sirrinsa alƙaluma huɗu ce, kada ya sa shekarar haihuwarsa, kada kuma ya karanta wa mai POS ita da baki, ya danna da hannunsa. Ta ƙara da cewa duk wanda ya kira shi ya ce daga banki yake, yana neman lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne, ko da ya faɗi cikakken sunansa daidai.

Wajen azahar Auta ya fito da lambar asusunsa mai alƙaluma 10 a rubuce a 'yar takarda. Tun a bakin ƙofa ya kira Bunguɗu. "Kawu, an buɗe, amma ku dakata tukuna, kada ku turo sai na sake kiranku." Kawu ya ce, "Madalla, gara da ka tambaya." Ya kama motar Tsafe da sauran rana.

Ga aikin gida na wannan mako. Ku ɗauko takardar haihuwarku da ta NIN da sunan da aka yi muku rajistar jarrabawa da shi, ku jera su, ku duba harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa. Idan kun ga bambanci, ku nuna wa iyayenku da malamin jarrabawa tun yanzu, domin ita ma JAMB daga NIN take ɗauko suna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.