Kafin ka ce sola ƙarya ce, ka lissafa lodinka

Yawancin masu kukan cewa sola ta cuce su ba jabun kaya aka sayar musu ba. Daidai kuɗin aljihunsu suka saya, ba su tambayi abin da na'urorinsu ke sha ba.

Wani mai sayar da lemo da ƙanƙara a Kano ya sayi faranti biyu masu wat 200 kowanne, da batir ɗaya mai 12V 100Ah, da inbata 1kVA. Mai shago ya ce masa, "Alhaji, wannan zai ɗauki komai." A makon farko fitilu da fanka suka yi aiki lafiya. Da ya jona firiza, inbata ta fara ƙara tana ɗaukewa tun kafin tsakar dare. Da asuba sai ya tarar ƙanƙara ta zama ruwa. Cikin 'yan watanni batir ya daina riƙe caji, kwamfuresa kuma ta ƙone.

Lissafin da ya tsallake bai fi na minti biyar ba. Firizarsa na jan wat 150, kuma da zafi kwamfuresa na yin kamar awa 14 a rana, wato 2,100Wh. Fitilu huɗu masu wat 10 na awa shida sun ci 240Wh, fanka mai wat 60 ta awa takwas ta ci 480Wh. Jimilla kusan 2,800Wh. Farantansa kuwa, ko an ba su awa biyar na rana mai ƙarfi, in an cire asarar zafi da ƙura da waya, ba za su wuce 1,500Wh ba. Kullum da bashi yake kwana.

Batirin ma haka. Yana ɗauke da 1,200Wh, amma batirin ruwa rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe. Wannan rabin awa huɗu ne kacal na aikin firiza. Ga kuma tashin kwamfuresa, wanda kan ja ninki biyar ko fiye na ɗan lokaci. Idan batir ya yi ƙasa, sai ta yi ta yunƙuri tana kasawa tana ɗaukar zafi. Ƙarar "ƙyas" da ke maimaituwa bayan 'yan mintuna ita ce alamar.

Abin da ya dace da shi shi ne faranti na wat 800, batir biyu masu 200Ah a haɗin 24V, da inbata 2kVA.

Wasu za su ce talaka ba shi da wannan kuɗin. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. In kuɗi bai kai ba, a kunna firiza da rana kawai, a daskarar da robobin ruwa su riƙe sanyin dare. Duk mai sayarwar da ya faɗa maka farashi bai tambayi na'urorinka da awanninsu ba, ka wuce shago na gaba.