Lokaci Ake Haɗawa, Kuɗi Kowa Da Nasa

Ma'aikata da yawa da suka raba ƙuruciyarsu tsakanin Nijar da Faransa suna zaton idan suka dawo gida, Faransa za ta juye kuɗin fanshonsu cikin asusun CNSS na Yamai. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 1973 ba ta kwashe ko sisi daga wani asusu zuwa wani. Shekarun aiki take haɗawa, sannan kowace ƙasa ta biya gwargwadon abin da aka yi a cikinta.

A ɗauki misalin direban da aka haifa a 1960. Faransa tana ƙirga aiki da rubu'in shekara, wato wata uku-uku, kuma tana neman rubu'i 167 daga sa'anninsa kafin ta ba su cikakken kaso, kashi 50 cikin ɗari na matsakaicin albashinsu. Shi kuwa ya yi rubu'i 100 a Faransa, 67 a Nijar. Da na Faransa kaɗai za a duba, ya nemi fansho yana da shekara 62, kason zai faɗo zuwa 37.5. Idan matsakaicin albashinsa Yuro 20,000 ne a shekara, kusan Yuro 4,500 zai samu. Da zarar an lissafa na Nijar, 167 ta cika, kason ya koma 50. Duk da haka Faransa rabonta kawai za ta biya, 100 daga cikin 167, wato kusan Yuro 6,000. Nijar ta yi nata lissafin bisa dokarta. Fansho biyu ke nan, daga ƙofa biyu.

Wannan Yuro 1,500 na kowace shekara ya rataya ne a kan takardar da asusun gida zai aika don tabbatar da rubu'i 67 ɗin, kuma a nan ya kamata hukumomi su mayar da hankali fiye da bikin sa hannu. Idan ubangidansa na dā ya riƙa cire kuɗi daga albashi bai kai wa asusu ba, ko aka rubuta sunansa da ranar haihuwarsa dabam a ƙasashen biyu (abin da ba baƙo ba ne ga wanda aka ƙiyasta shekarar haihuwarsa), shekarun na iya ɓacewa daga lissafi. Wanda ya nemi bayanin gudummawarsa daga asusun biyu tun yana da shekara 55 yana da lokacin gyara. Wanda ya jira ranar ritaya yakan tarar kamfanin ma ya rufe.

Aikin da ba a yi wa rajista ba ba ya shiga, kuma watan da ya bayyana a ƙasashen biyu sau ɗaya ake ƙirga shi. Tallafin tsofaffi marasa ƙarfi na ASPA ba ya bin mutum gida, domin sharaɗinsa zama a Faransa. Fanshon kansa yana biyo shi, muddin yana aika takardar shaidar yana raye kowace shekara. In ta makara, a dakatar da biya.