Kuɗin aljihun tebur ba naka ba ne duka

Mai shago a Dakoro yakan zargi tsadar mota daga Maradi, ko masu cin bashi sai kaka, idan ya ga kaya suna ƙarewa a kanta. Duk suna da hannu. Amma ni na fi zargin aljihun teburin da ake zuba ciniki, a kuma ɗebi kuɗin cefane daga cikinsa.

Mu ɗauki misalin mai jarin jika 300, yana sayar da shinkafa, sukari, taliya da sabulu. Cinikinsa a rana jika 20 ne. A ce ribarsa kashi goma cikin ɗari ce, ke nan jika 2 kaɗai ne nasa. Sauran jika 18 uwar kuɗi ce, wadda dole ta koma Maradi ta dawo da kaya. To da safe ya miƙa jika da rabi na cefane, ya sha shayi da burodi, ya zuba wa babur mai, yaro ya zo daga gida aka auna masa sukari ba a rubuta ba. Kafin magariba jika 3 sun fita. Kullum yana cin jika ɗaya daga jari, jika 30 a wata, kuma bai taɓa jin ya yi ɓarna ba, don kuwa aljihun bai taɓa zama wayam ba.

Alamar tana bayyana ne ranar sari. Wanda ya saba ɗauko buhu biyar ya koma uku, daga nan ya fara cewa uban gidansa ya ba shi kaya zuwa wani mako. Shi kuwa sai ya ce kasuwa ce ta mutu.

Maganin shi ne ka yanka wa kanka albashi ƙasa da ribar, misali jika da rabi a rana, ka cire shi da dare ka sa a wani wuri dabam. Sukarin gida ma ka saya da kuɗinka, ko ka rubuta sunanka a littafin bashi. Ƙarshen wata ka ƙirga kayan kanta a farashin sari, ka haɗa da kuɗin hannu da bashin da kake da tabbacin za a biya, ka cire wanda ake bin ka. In bai kai jika 300 ba, jari kake ci.

Na san za a ce min: ina zumunci? Ƙanwarka ta haihu, ka ce mata kuɗin shago ne? A'a, ka yi mata, amma daga rabonka. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, sun daɗe da gane wannan. Asusun taimako dabam yake da na rance, kuma ko shugaba ce ta ɗauki rance sai ta maido.