VaR ko ES: Wane ma'auni ya fi faɗa wa ƙaramin mai hannun jari gaskiya?

Mai naira miliyan ɗaya a hannun jarin kamfanoni uku a kasuwar NGX ta Legas yana da ma'aunai biyu na auna asara: VaR da ES. Na biyun ya fi dacewa da shi, amma kowannensu yana da abin da yake ɓoyewa.

Misali, ya jera sakamakon kwanaki 100 na ciniki da suka wuce. Biyar mafi muni su ne asarar naira 30,000, 35,000, 40,000, 55,000 da 90,000.

VaR na kashi 95 cikin ɗari yana tsayawa ne a bakin waɗannan kwanaki biyar, wato wajen naira 30,000. Ma'anarsa, a kwana 95 cikin 100 asara ba ta wuce haka ba. Abin da ya faru a sauran kwanakin kuwa, bai ce komai a kai ba. Wani mai jarin da munanan kwanakinsa suka tsaya tsakanin 30,000 da 34,000 zai sami VaR iri ɗaya, alhali hatsarinsu ba ɗaya ba ne.

Shi kuma ES yana haɗa kwanakin biyar ya raba biyar: 250,000 a raba biyar, naira 50,000 ke nan. Wannan ya fi kusa da abin da aljihu zai ji idan rana ta ɓaci. Dalilin da ya sa kwamitin Basel mai tsara ƙa'idojin bankuna ya koma ES a 2016 ke nan.

Sai dai ES ɗin nan a kan kwana biyar kacal ya dogara. Da zarar ranar 90,000 ta tsufa ta fita daga lissafi, wata ta 28,000 ta maye gurbinta, sai ya sauko zuwa 37,600, ba tare da jarin ya canza ba.

Babban abin da duka biyun ba sa nunawa shi ne ko akwai mai saye. A NGX ba a barin farashin hannun jari ya faɗi fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana. Idan mummunan labari ya fito, farashi na iya kai wannan iyaka kwana uku a jere, masu sayarwa sun yi layi, babu mai ɗauka. Naira 400,000 da aka zuba a kamfanin za ta koma 291,600. Ma'aunin kwana ɗaya ba zai ga asarar 108,400 ba.

Don haka mai ƙaramin jari ya duba ES, sannan ya duba yawan hannayen jarin kamfanin da ake cinikinsu kullum. Idan cinikin kaɗan ne, lambar da ke kan wayarsa ba ita ce asararsa ta ƙarshe ba.