Kamfanin Nan Na Wane Ne?

Akwai wata ƴar gajeruwar wasiƙa da ƴan kwangila ba sa son gani. Jami'in da ke kula da sayen kayan hukuma ne ke aika ta ta hanyar imel, kafin a sa hannu a kan kwangila, kuma abin da take nema bai wuce layi biyar ba: lambar rajistar kasuwanci, lambar haraji, takardar kafa kamfani, sunayen waɗanda suka mallake shi tare da kason kowa, da sunan da ke kan asusun bankin da za a zuba kuɗin. Ƴan kasuwa da dama a Maraɗi suna ɗaukarta cin fuska, ko kuwa wata sabuwar ƙofar neman goro. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ƙaramar hukuma irin Sarkin Yamma, a gundumar Madarunfa, ta fi kowace babbar ma'aikata ta Yamai bukatar a aika wannan wasiƙa, a kuma karanta amsarta da idon basira.

Duk wanda ke shakkar amfaninta ya tuna da shekarar 2020, lokacin da binciken kwangilolin ma'aikatar tsaron ƙasa ya fito fili. Rahoton, kamar yadda jaridu suka wallafa shi, ya ƙiyasta cewa kimanin miliyar 76 na sefa sun salwanta tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar ƙara farashi da kuma kayan da aka biya kuɗinsu ba a kawo ba. An daɗe ana jayayya a kan yawan kuɗin, daga baya kuma wasu ƴan kwangilar suka amince su mayar da wani kaso. Amma abin da ya kamata ya tsaya wa mai kula da dukiyar jama'a a rai shi ne yadda aka shirya cin. Masu binciken sun gano cewa a kwangiloli da yawa takarar ta jeka-na-yi-ka ce: kamfanoni su gabatar da farashi kamar abokan hamayya, alhali hannu ɗaya ne ke juya su. Takardu sun cika, hatimai sun hau, doka ta ga ƴan takara uku. Ba a samu wanda ya tsaya ya tambayi mai su ba.

Abin da aka yi da jiragen yaƙi ana iya yin sa da teburan makaranta. A ɗauka, don misali kawai, cewa Sarkin Yamma na son sayen tebura 300 don makarantun ƙauyukanta, aka nemi farashi daga ƴan kasuwa uku. Na farko ya ce miliyan 10 da jika 500, wato jika 35 kowane tebur. Na biyu ya ce miliyan 11 da jika 200, na uku miliyan 11 da jika 900. Kwamiti zai zaɓi na farko da zuciya ɗaya, tun da shi ne mafi rahusa. To amma idan kafinta a Maraɗi na iya yin irin wannan tebur, ya kai shi har makaranta, a kan jika 25, kuɗin gaskiya miliyan 7 da rabi ne. Rarar miliyan 3 da ta tafi ta isa tebura 120, kuma idan yara uku ke zama a kan kowane tebur, yara 360 ke nan aka bari a kan tabarma. Farashi biyun da suka fi tsada ba su da wani aiki sai sa na farko ya yi kama da sauƙi.

A nan wasiƙar take aikinta. Bisa dokokin da suka biyo bayan yarjejeniyar OHADA ta 1993, wadda Nijar ke cikinta, duk ɗan kasuwa da duk kamfani suna da wajibin shiga rajistar da ake kira RCCM, wadda ke hannun magatakardan kotu. Lambar da ake bayarwa tana magana ga mai iya karatunta. Tana nuna garin da aka yi rajistar da shekarar da aka yi ta, sa'an nan harafin A yana nufin mutum guda ne ke kasuwanci da sunansa, harafin B kuwa yana nufin kamfani ne. Takardar rajistar tana kuma faɗin adireshi, da sunan manaja, da irin sana'ar da aka yi rajista dominta. Jami'in da ya shimfiɗa amsoshi ukun nan a kan teburinsa, gefe da gefe, zai ga abin da ba ya ganuwa idan an duba su ɗai-ɗai. Kamfanoni biyu da aka yi wa rajista a mako guda, lambobinsu na bin juna, wata biyu kafin a sanar da kwangilar. Adireshi ɗaya a unguwa ɗaya, ko lambar waya ɗaya a ƙasan takardu biyu. Wani da aka yi wa rajista don sayar da hatsi, ga shi yau yana neman aikin kafinta. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ba ta isa hujjar laifi ba, domin ƴan'uwa kan zauna gida ɗaya, kowa da kasuwarsa. Amma idan uku suka haɗu, takarar ta mutu, sai a sake ta.

Lambar haraji, wadda ake kira NIF, tana amsa wata tambaya dabam. Rajistar kotu ta nuna an haifi kamfani, ita kuwa takardar shaidar biyan haraji, wadda wa'adinta ke ƙarewa, ta nuna yana raye. Sunan da ke kan asusun banki shi ne makulli na ƙarshe: idan kwangilar da sunan kamfani aka ba da ita, aka ce kuɗin a zuba a asusun wani mutum, lalle akwai bayanin da ya rage a yi.

Sai dai dole a faɗi iyakar abin. Rajista tana nuna sunan da aka rubuta, ba ta nuna aljihun da riba ke shiga. Tsohuwar dabara ce a ƙasar nan babban mutum ya kafa kamfani da sunan direbansa, ko ƙanen matarsa, ko yaron shagonsa. Dokar kwangilolin gwamnati, bisa ƙa'idojin da ƙasashen UEMOA suka amince da su a 2005, ta hana a bai wa kamfanin da masu yanke hukunci a kan kwangilar ke da wata moriya a cikinsa, kuma aron suna shi ne hanyar kewaye wannan hani. Shi ya sa tambaya ta huɗu ta fi sauran nauyi. Wasiƙar da ta san aikinta ba ta tsayawa ga manaja. Tana neman sunan kowane ɗan'adam da ke riƙe da kashi 25 cikin 100 na jari ko na ƙuri'a, kai tsaye ko ta hannun wani, da wanda ke da ikon naɗa manaja. Wannan ne ma'aunin da Bankin Duniya ya fara amfani da shi a manyan kwangilolin da yake biya tun 2017. Najeriya ta sauko da shi zuwa kashi 5 a dokar kamfanoni ta 2020, ta kuma buɗe rajistar masu kamfanoni ga jama'a a 2023. Wannan ya shafi Madarunfa kai tsaye, ganin yadda kaya da jari ke kai da komo tsakanin Maraɗi, Jibiya da Katsina: kamfanin da ya zo da rajistar tsallaken iyaka ana iya duba shi a shafin hukumar CAC.

Za a ce maƙaryaci zai yi ƙarya a amsarsa. Gaskiya ne. Amma ƙaryar da aka rubuta, aka sa wa hannu da kwanan wata, ta bambanta da shiru. Ta zama dalilin soke kwangila, da hana mutum shiga takara, da gurfanar da shi gaban alƙali. Ta kuma rufe wa jami'in kansa ƙofar cewa bai sani ba. Wannan ne amfanin imel a kan kiran waya ko saƙon baka: yana barin sawu, da ranar tambaya da ranar amsa.

Ƙorafin ƴan kasuwa ma yana da nasa gaskiyar, bai kamata a yi watsi da shi ba. Ƴan damfara sun koyi salon wannan wasiƙa. Sukan aiko ta da sunan wata hukuma ko wani shirin agaji, su karɓi takardun mutum da hoton katinsa, sa'an nan su nemi "kuɗin rajista" a turo ta waya. Alamar gane su a fili take. Wasiƙar gaskiya tana ambaton lambar sanarwar da mutum ya shiga takararta da kansa, ba ta neman kuɗi a aika wa wani mutum, ba ta kuma neman lambar sirrin asusu. Wanda ya yi shakka ya taka zuwa ofishin ƙaramar hukuma ya tambaya, kada ya kira lambar da ke cikin wasiƙar. Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ke fitowa daga cikin ofis: a aika wa wanda ba a so tambayoyi goma da wa'adin kwana biyu, a ƙyale ɗan gida. Tambayar da aka yi wa mutum ɗaya makami ce. Sai an yi ta ga kowa, da kalmomi iri ɗaya da wa'adi iri ɗaya, za ta zama ƙa'ida.

Haka nan bai dace wasiƙar ta zama katangar da za ta kori ƙaramin mai sana'a ba. Kafintan ƙauye ko maginin da bai taɓa buɗe imel ba shi ne sau da yawa mai farashin gaskiya. Gyaran da OHADA ta yi a 2010 ya buɗe wa irinsa hanya mai sauƙi, inda zai bayyana sana'arsa a rajista ba tare da kafa kamfani ba. Aikin ƙaramar hukuma ne ta karɓi amsarsa a kan takarda, ta bayyana masa da Hausa abin da ake nema.

Saura tambayar wanda zai duba mai dubawa. Lokacin da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, an yi fatan kansilolin adawa su zama idon talaka a kan kasafi. A 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. A inda babu kansila mai tashi ya yi tambaya, fayil ne kaɗai shaidar da ta rage, ga kotun bin diddigin kuɗin ƙasa da kuma hukumar da ke sa ido a kan kwangiloli. Don haka ya kamata ma'aikatar cikin gida ta wajabta wannan wasiƙa a kowace kwangilar ƙaramar hukuma, komai ƙanƙantarta, a ajiye tambayar da amsar cikin fayil. Jami'in kuma kada ya dogara ga kwafin da aka aiko masa, domin hoton takarda ba ya wuyar gyarawa. Ya nemi tabbaci daga magatakardan kotun Maraɗi da ofishin haraji, tafiyar da ba ta wuce ta yini ɗaya ba daga Sarkin Yamma. Bayan an ba da kwangila, a liƙa sunan kamfanin, da lambarsa, da sunayen masu shi, da kuɗin, a allon ƙofar ofis. A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Maraɗi, sunan da magatakarda zai karanta ya wuce, mai shayin bakin kasuwa ya san yaron wane gida ne.