Tabulet ɗinka ya ƙi ɗaukar sikirinshot? Bar wahalar da maɓalli. Zare 🧵

1/ Ra'ayina: a tabulet mai araha, danna maɓallin kunnawa da na rage sauti tare wahala ce kawai. Nawa da nake karanta handawut da shi, na kunnawa yana sama, na sauti yana can gefe, sai ka sa hannu biyu kamar mai murɗa wuyan kaza.

2/ Kafin ka ce ya lalace, lura da abin da ya fito. In ma'aunin sauti ya bayyana, ka riga danna na sauti. In allo ya mutu, na kunnawa ka riga taɓawa. Sannan a wasu, in ka kwantar da tabulet, na ƙari da na ragi suna musanya wuri. Wataƙila tun ɗazu na ƙari kake dannawa.

3/ Mafita: shiga Settings > Accessibility > Accessibility Menu ka kunna. Wata 'yar alama za ta zauna a allo. Taɓa ta, zaɓi Screenshot, shi ke nan. Tun Android 9 ake da wannan. In babu a naka, sauke Android Accessibility Suite a Play Store.

4/ Don Allah ku bar sauke manhajojin sikirinshot barkatai. Talla ce tsiya, ga cin data, ga tabulet ɗin dama ba ƙarfi gare shi ba.

5/ Amma in a manhajar banki ne ya ƙi, ko hoton ya fito baƙi ƙirin, manhajar ce ta toshe da gangan. Nan ko Accessibility Menu ba zai ɗauka ba.